Jaka nawa kafin riba ta fara? Tambayoyi da amsoshi kan lissafin ba riba ba faɗuwa da ma'aunin ninkin riba

Tambayoyin da ke ƙasa su ne ɗaliban ilimin kuɗi da masu ƙananan masana'antu suka fi yi. Duk amsoshin an gina su ne a kan misali ɗaya, wato ƙaramin kamfanin ruwan leda da ke sayar wa dilolinsa jaka mai ɗauke da leda 20. Alƙaluman na koyo ne kawai. Farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari, don haka kowa ya cire namu ya sa nasa.

Me ake nufi da matakin ba riba ba faɗuwa?

Shi ne yawan kayan da in an sayar da su, kuɗin da suka shigo za su biya dukkan abin da aka kashe daidai wa daida, ba a ci ba, ba a yi asara ba. Kafin a gano shi, sai an raba kashe-kashen kamfani gida biyu.

Kashi na farko shi ne kuɗin da ke bin kaya. Duk jakar da aka ƙara yi, sai an ƙara kashe su. A kamfaninmu, kowace jaka tana cin ledar ₦110, wuta da dizal na ₦30, ladan masu ɗauri da lodi ₦20, man mota da kamashon direba ₦35, sai magani da matatun ruwa ₦5. Jimilla ₦200.

Kashi na biyu shi ne tsayayyun kuɗi, waɗanda wata ke zuwa da su ko inji ya juya ko bai juya ba. Haya ₦150,000, albashin ma'aikatan dindindin ₦400,000, ragin darajar injina da mota ₦200,000, kuɗin wutar da ba ruwanta da yawan aiki ₦80,000, sai gadi da sabunta rajistar NAFDAC da sauran tarkace ₦70,000. Jimilla ₦900,000 a wata.

Ana sayar da jaka ₦300. In aka cire ₦200 da ta ci, saura ₦100. Wannan ₦100 ita muke kira rarar jaka, kuma ba riba ba ce tukuna. Aikinta na farko shi ne ta tallafa a biya ₦900,000 ɗin nan. Sai an gama biyan su kaf, sannan rarar jakar da ta biyo baya take zama riba. A lissafin da ke ƙasa, Q yawan jaka ne, F tsayayyun kuɗi, P farashin jaka, V kuma kuɗin da ke bin kowace jaka.

```
Q = F / (P − V)
Q = 900,000 / (300 − 200) = 9,000
```

Jaka 9,000 ke nan a wata, cinikin ₦2,700,000. In ana aiki kwana 26, sai a fitar da jaka 347 a kullum. Rabawar ta ba da 346 da ɗoriya, amma a irin wannan lissafi kullum sama ake cikawa, domin jaka 346 ba ta kai ba.

Ta yaya zan gane ko kuɗi tsayayye ne ko mai bin kaya?

Ka yi wa kanka tambaya ɗaya: in gobe na ƙara jaka dubu, wannan kuɗin zai ƙaru? In zai ƙaru, mai bin kaya ne. In ba zai motsa ba, tsayayye ne.

Sunan abu ba ya yanke hukunci, yadda ake biyansa ne ke yankewa. Mai ɗaurin jaka da ake biya gwargwadon jakar da ya ɗaure, ladansa mai bin kaya ne. Shi wannan mutumin dai, in aka mayar da shi ma'aikaci mai albashin wata, kuɗinsa ya koma tsayayye. Haka motar rarraba kaya. In hayarta ake yi a kowane sawu, tana bin kaya. In taka ce, ragin darajarta da inshorarta tsayayyu ne, mai kaɗai ke bin tafiya.

Kuma tsayayye ba yana nufin ba ya tashi ba. Mai gida yana iya ƙara haya, kuma da aka mayar da mafi ƙarancin albashi ₦70,000 a Najeriya a shekarar 2024, albashi ya motsa a wurare da yawa. Abin nufi shi ne yawan kayan da aka yi ba shi ne ke motsa shi ba.

Kuɗin wuta da dizal fa? Suna hawa suna sauka, amma ko a watan da ba ciniki sai mun biya wani abu.

Wannan gauraye ne, sai an tsaga shi biyu. Fitilu, fankoki, ofis da famfon da ke cika tanki suna cin wuta ko an yi aiki kaɗan. Injin like leda kuwa yana ci ne gwargwadon aikinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki watan da aka fi yin kaya da watan da aka fi ƙaranci. A ce a Afrilu, lokacin zafi, an yi jaka 15,000 an kashe ₦530,000. A Janairu, lokacin sanyi, an yi jaka 9,000 an kashe ₦350,000. Bambancin kuɗi ₦180,000 ne, bambancin kaya jaka 6,000. Rabawa ta ba da ₦30 a kowace jaka. Sai a koma Afrilu: jaka 15,000 sau ₦30 ya zama ₦450,000, a cire daga ₦530,000, saura ₦80,000. Wannan shi ne tsayayyen ɓangaren. Daga nan ₦30 da ₦80,000 na misalinmu suka fito.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, watannin ana zaɓensu ne bisa yawan kaya, ba bisa yawan kuɗi ba, kuma ɗalibai suna yawan faɗawa a nan. Na biyu ya fi haɗari ga mai kamfani: dole farashin wuta ya zama ɗaya a watannin biyu. Wanda ke layin Band A, ya ɗauki Janairun 2024 ya haɗa da Afrilun 2024, watan da aka ɗaga kuɗin wutar wannan rukuni zuwa ₦225 kowane yunit, zai samu amsar banza, domin zai ɗora ƙarin farashi a kan yawan kaya. Gara a yi lissafin da yunit na wuta da litar dizal, sannan a ninka da farashin yau.

Kowace jakata tana tsaya mini ₦275. Wani ya ce zai sayi 2,000 a ₦250, ya zo ya ɗauka da motarsa. Ba asara ba ce?

Bari mu ga daga ina ₦275 ta fito. An raba ₦900,000 a kan jaka 12,000 da ake sayarwa, ya ba da ₦75, aka haɗa da ₦200. Amma ₦900,000 ɗin za ka biya ta ko ka karɓi wannan ciniki ko ka ƙi. Abin da jaka 2,000 za su ƙara maka na kashewa shi ne kuɗin da ke bin kaya kawai, kuma tunda shi zai ɗauka, ₦35 na mota ya fita, saura ₦165. Rarar kowace jaka ₦85, riba ta ƙaru da ₦170,000.

Sharaɗi biyu ne. Injinka yana da sararin yin su ba tare da ka hana dilolinka masu biyan ₦300 ba, kuma kayan ba za su dawo kasuwar unguwarka su karya maka farashi ba. In labari ya kai wa dilolinka suka ce su ma sai ₦250, to ka sayi wahala da kuɗinka.

Matsalar ₦275 ita ce ba ta tsayawa wuri ɗaya. A watan da aka sayar da jaka 9,000 ta zama ₦300, a watan 15,000 ta zama ₦260. Ba a yanke shawarar karɓar ciniki da lambar da cinikin kansa zai sauya.

In ina son ribar ₦500,000 a wata, jaka nawa?

Ka ɗora ribar a kan tsayayyun kuɗi: ₦1,400,000 a raba da ₦100, jaka 14,000.

In tambayar ta ce riba bayan haraji, sai an fara mayar da ita ribar kafin haraji. A ce ana son ₦420,000, harajin da aka bayar a tambayar kashi 30 cikin ɗari. A raba ₦420,000 da 0.7, ya ba da ₦600,000. A haɗa da ₦900,000, jaka 15,000. Kuskuren da aka saba shi ne a ƙara kashi 30 a kan ₦420,000 a samu ₦546,000, wanda in an cire masa haraji ba zai kai abin da ake nema ba. Shi matakin ba riba ba faɗuwa kuwa, harajin riba ba ya taɓa shi, tunda babu ribar da za a yanka.

Abokan hamayya sun sauke farashi. In na rage ₦20 kacal, me zai faru?

Ragin ₦20 a kan ₦300 bai kai kashi 7 cikin ɗari ba, shi ya sa yake kama da ƙaramin abu. Amma leda ba ta rage maka ba, dizal bai rage maka ba. Ragin gaba ɗayansa daga rara yake fita: ₦100 ta koma ₦80, kashi 20 cikin ɗari ya tafi. Matakin ba riba ba faɗuwa ya tashi daga jaka 9,000 zuwa 11,250. In kana sayar da 12,000, ribarka ta sauko daga ₦300,000 zuwa ₦60,000. Kafin ka dawo da ₦300,000 sai ka sayar da jaka 15,000, wato ƙarin kwata na cinikinka.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Farashin leda yana bin dala, kuma duk mai wannan sana'a ya gani bayan an saki Naira a Yunin 2023. In leda ta ƙara ₦15 a jaka, ka ƙi taɓa farashi, rara ta zama ₦85, matakin ya koma jaka 10,589. Sana'ar da rararta siririya ce, motsi kaɗan a farashi ko a kayan aiki yana jijjiga ta.

Mene ne ma'aunin ninkin riba, wanda ake rubutawa DOL a takardun jarrabawa?

Yana gaya maka sau nawa riba za ta ninka motsin ciniki. Dalilinsa tsayayyun kuɗi ne. Tunda ba sa ƙaruwa in ciniki ya ƙaru, duk sabuwar rara tana wucewa kai tsaye ta zama riba. Tunda kuma ba sa raguwa in ciniki ya ja baya, duk rarar da aka rasa daga riba take fita.

```
DOL = Q(P − V) / [Q(P − V) − F]
DOL = 1,200,000 / 300,000 = 4
```

Sama jimillar rara ce, ƙasa ribar aiki kafin kuɗin ruwa da haraji. A jaka 12,000 amsar 4 ce. Ma'anarta, ciniki ya motsa da kashi 1 cikin ɗari, riba ta motsa da kashi 4.

Mu gwada. Ciniki ya ƙaru da kashi 10, jaka 13,200. Rara ₦1,320,000, riba ₦420,000, ƙarin kashi 40 a kan ₦300,000. Yanzu a juya. Hunturu ya shigo, mutane sun rage shan ruwan sanyi, ciniki ya sauka da kashi 20 zuwa jaka 9,600. Rara ₦960,000, riba ₦60,000, kashi 80 ya tafi. Wannan ne ke ruɗa masu kamfani da yawa: suna ganin mota tana fita kullum, ciniki bai mutu ba, amma ƙarshen wata asusu wayam, sai su fara zargin akawu ko direba. Wani lokaci sata ce, amma kafin a zargi kowa a fara yin wannan lissafi.

A lura cewa motsin da ake magana na yawan kaya ne a farashi ɗaya. In kuɗin ciniki ya ƙaru da kashi 10 saboda an ɗaga farashi, ma'aunin ba zai faɗi daidai ba. Farashin ₦330 a jaka 12,000 yana ba da ribar ₦660,000, ƙarin kashi 120, ba 40 ba.

Me ya sa nake samun DOL daban-daban a kamfani ɗaya?

Domin ba lambar kamfani ba ce, lambar matsayin da kamfani yake ne a wannan lokaci. A jaka 10,000, rara ₦1,000,000 ce riba ₦100,000, amsa 10. A jaka 12,000, 4. A jaka 18,000, 2. A daidai 9,000 ba ya lissaftuwa, tunda ƙasa sifiri ne. Kullum ka matso kusa da matakin ba riba ba faɗuwa, lambar tana kumbura. Kullum ka yi nisa, tana sauka tana nufar 1.

Don haka lamba babba ba lallai alamar manyan injina ba ce. Sau da yawa alama ce ta cewa kana bakin rami. Akwai gajeriyar hanyar tabbatarwa: tazarar tsira, wato nisan cinikinka daga matakin. Jaka 12,000 ban da 9,000 saura 3,000, kashi 25 cikin ɗari na ciniki. A raba 1 da 0.25, a samu 4. In waɗannan biyun ba su zo ɗaya ba a jarrabawa, akwai kuskure a wani wuri.

In ana faɗuwa, amsar tana zuwa da alamar ragi. A jaka 8,000, asarar ₦100,000 ce, amsa −8. Fassararta: ƙarin kashi 1 a ciniki yana rage asara da kashi 8.

Idan an ba ka shekaru biyu aka ce ka nemo ma'aunin ta hanyar kason canjin riba a kan kason canjin ciniki, amsar da za ka samu ta shekarar farko ce, wadda aka auna canjin daga gare ta.

Ina tunanin sa sola don rage dizal. Lissafin nan zai taimaka?

Zai taimaka ƙwarai, domin abin da za ka yi shi ne musanya kuɗi mai bin kaya da tsayayye. A ce sola da batura za su ci ₦14,400,000, ka ƙiyasta shekara 6, wato ₦200,000 a wata. A ce kuma za su rage ₦20 a kowace jaka. Tsayayyun kuɗi sun zama ₦1,100,000, rara ₦120.

Sabon matakin ba riba ba faɗuwa jaka 9,167 ne, ya ɗan tashi. Amma lambar da ta fi amfani ita ce inda tsarin biyu suke kunnen doki: ƙarin tsayayyun kuɗi a raba da ragin kowace jaka, ₦200,000 a raba da ₦20, jaka 10,000. Sama da haka sola ta fi, ƙasa da haka tsohon tsari ya fi.

A watan zafi mai jaka 15,000, sola tana ba da ₦700,000, tsohon tsari ₦600,000. A wata mai 12,000, ₦340,000 da ₦300,000. A mummunan wata mai 8,000, asarar mai sola ₦140,000, ta ɗayan ₦100,000. Saboda haka tambayar da za ka amsa ita ce, a wata 12 na shekara, jimillar jakunkunanka ta haura 120,000 da tazara mai kwantar da hankali? Kar ka auna da Afrilu kaɗai.

Abin da wannan lissafi ba ya nunawa shi ne darajar lokaci. Miliyan 14 da ɗoriya yau ake biya, ragin kuwa a hankali yake zuwa cikin shekaru. Don babban jari irin wannan, a bi shi da lissafin NPV, wanda ke mayar da kuɗin da za su shigo nan gaba zuwa darajarsu ta yau, kafin a sa hannu. Gefe guda kuma, duk lokacin da dizal ya tashi, ₦20 ɗin nan tana girma, wurin kunnen dokin yana saukowa.

Lissafi ya ce na wuce matakin, amma ba kuɗi a hannu. Ina suka shiga?

Riba daban, tsabar kuɗi daban. Ragin darajar injina kashewa ne a takarda, ba a zaro shi daga aljihu kowane wata. In aka cire ₦200,000 ɗinsa, tsabar da ake bukata ₦700,000 ce, jaka 7,000. Wannan ne ya sa kamfani kan yi shekaru yana sayar da jaka 8,000 yana ganin yana raye, sai ranar da mota ta mutu a tarar ba a tara na sabuwa ba.

Biyan uwar bashi kuwa akasin haka ne: yana fita daga aljihu amma ba ya cikin lissafin riba. In kana biyan ₦250,000 a wata na uwar bashi, tsabar da kake bukata ₦950,000 ce, jaka 9,500, sama da matakin takarda.

Sai ɓarna. Leda tana fashewa a lodi da hanya. In jaka 4 cikin kowace 100 ba sa kaiwa ga mai saye, ₦165 na yin kaya ya koma kusan ₦172 a kan kowace jakar da aka sayar, rara ta sauko wajen ₦93, matakin ya kusa jaka 9,680. Lissafin yana ƙirga abin da aka sayar ne, ba abin da inji ya tofar ba. Bashin diloli ma haka: jakar da aka bayar bashi ta shiga ciniki, amma ba ta sayi ledar gobe ba.

Kuɗin ruwa na banki yana shiga DOL?

A'a. Shi yana da nasa ma'aunin, DFL, wato ribar aiki a raba da abin da ya rage bayan an cire kuɗin ruwa. In kuɗin ruwa ₦100,000 ne a wata, ₦300,000 a raba da ₦200,000 ya ba da 1.5. A ninka da 4, jimillar ninki 6. Raguwar kashi 10 a ciniki za ta cinye kashi 60 na abin da ya rage wa mai kamfani. Wanda ya riga ya tara tsayayyun kuɗi a aiki, ya ƙara ɗora bashi mai tsayayyen biya, ninki biyu ya haɗa. Ko da cinikin na bankin Musulunci ne, irin murabaha ko ijara, matuƙar biyan wata-wata a yanke yake, nauyinsa a kan asusu iri ɗaya ne.

In muna da kaya iri biyu fa?

A ce an ƙara ruwan gora, fakiti ₦1,500, yana cin ₦1,100, rara ₦400, tsayayyun kuɗi kuma sun zama ₦1,300,000. Sai a san yadda ake sayar da su tare. In duk jaka 9 ana sayar da fakiti 1, a ɗauke su ƙunshi ɗaya: ₦900 da ₦400, rara ₦1,300. Ana bukatar ƙunshi 1,000, wato jaka 9,000 da fakiti 1,000.

Amsar tana rataye ne a kan wannan rabo. In gora ta yi kwantai, rabon ya koma 19 da 1, matsakaiciyar rara ta sauko daga ₦130 zuwa ₦115, ana bukatar kusan guda 11,305 maimakon 10,000. Ana iya ganin yawan kaya yana hawa riba tana sauka.

Har zuwa ina wannan lissafi yake aiki?

Har iyakar abin da tsarin da ke ƙasa zai iya ɗauka. A ce ma'aikatan rana ba za su wuce jaka 16,000 ba, inda riba take ₦700,000. Ƙara aikin dare zai kawo sabon mai kula da inji, mai gadi da wuta, a ce ₦250,000 a wata. Tsayayyun kuɗi sun yi tsalle zuwa ₦1,150,000. Wanda ya buɗe aikin dare don ƙarin jaka 1,000 zai samu ₦550,000, ƙasa da da. Sai ya kai jaka 18,500 sannan ya dawo inda yake. Wanda ya ɗauki ₦900,000 ya ja layi har jaka 25,000 ya yi lissafin kamfanin da babu shi.

A irin wannan hali, Excel yana sauƙaƙa aiki. A sa farashi a B1, kuɗi mai bin kaya a B2, tsayayyu a B3, yawan jaka a B4:

```
=ROUNDUP(B3/(B1-B2),0)
=B4*(B1-B2)/(B4*(B1-B2)-B3)
```

Layin farko matakin ba riba ba faɗuwa ne, na biyu ma'aunin ninki. A sabunta B2 duk ranar da aka sayo sabuwar leda ko dizal ya sauya farashi, a kuma buɗe shafi daban ga kowane tsari, na rana kaɗai da na rana da dare.